Surukai na tafe ranar Talata, ni kaɗai zan yi cefane

Assalamu alaikum Hajiya. Ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Taura. Shekara 26 ina zuwa kasuwa, amma ban taɓa zaɓar abin da za a dafa ba. Maiɗakina ce ke lissafa mini, ni kuwa in sayo. Allah Ya yi mata rasuwa shekara 2 da suka wuce, sai babbar 'yarmu ta karɓi girki da lissafin. To ita ce na aurar makon jiya. Yanzu iyayen mijin sun aiko cewa za su zo godiya ranar Talata, su 12, maza da mata. Matar ƙanena ta ce za ta zo daga garinsu daren Litinin ta yi girkin, amma ta ce in tanadi komai kafin ta iso. Abin da biki ya rage mini naira dubu 70 ne, sai akuya ɗaya. Ranar Lahadi zan ci kasuwar Gujungu. Me zan saya, nawa zan saya? Ko in yanka akuyar? Ina tsoron a koma a ce gidan da babu mace ne.

Wani uba, daga ƙasar Taura

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya jiƙan maiɗakinka, Ya sa ta huta, Ya kuma ba amarya zaman lafiya a ɗakinta.

Kafin ka ɗaura wa babur buhu, ɗauki waya ka kira matar ƙanenka. Kada ka ce mata me zan saya, domin kunya za ta sa ta ce duk abin da ka kawo daidai ne, Yaya. Ka tambaye ta wane abinci ne hannunta ya fi faɗawa a kai, wanda za ta iya dafa wa mutum 30 a murhun da ba nata ba. Amsar da ta ba ka ita ce cefanenka. Mace da za ta iso da dare, ta kwana a baƙon ɗaki, ta tashi da asuba ta tarar da tukwanen da ba ta saba da su ba, ba ranar gwada mata sabon girki ba ce. Idan ta bar maka zaɓi, ni dai abin da zan ce shi ne tuwon shinkafa da miyar taushe, da soyayyun kaji a gefe, da fura da nono na tarba. Abinci ɗaya ke nan mai nauyi, wanda babu dattijon Kano ko Jigawa da za a buɗe wa kwanonsa ya ji an rena shi. Kada ka biye wa masu cewa sai an yi kala uku. Kala uku tukunya shida ce, kuma mace ɗaya gare ka.

Na ce mutum 30 alhali 12 aka faɗa maka, kuma ba kuskure na yi ba. Waɗanda suka ce su 12 ne ba su ƙirga direba ba, ba su ƙirga yaran da mata za su riƙo ba. A naka ɓangaren akwai ƙanenka da duk wanda za ka kira ya taya ka zama da baƙi, wataƙila liman ko mai unguwa. Akwai mai girki da matan maƙwabta da za su kama mata. Akwai yaran gidanka. Akwai kwanon da za a miƙa ta katanga, da almajirin da zai ji ƙamshi ya tsaya a zaure. Ka haɗa su ka gani ko ba su kai ba.

Sai maganar akuya. Ka bar ta a turkenta. Mutanen nan godiya za su zo, ba walima ba, kuma sun san biki ka gama. Akuya a gidan manomi ita ce kuɗin taki idan damina ta faɗi, ita ce kuɗin asibiti idan yaro ya kwanta. Ban da haka, yanka dabba aiki ne na rabin yini: fiɗa, wankin kayan ciki, babbakar kai da ƙafa. Wa zai yi, alhali mai girkin na kan tuwo?

Bari in ba ka labarin wani baffana, Allah Ya jiƙansa, don a gidansa na fara ganin yadda irin wannan rana ke lalacewa. Ina 'yar shekara 13 lokacin. Matarsa na jego, surukan ɗansa za su zo, sai ya ce shi zai ji da komai. Ya tafi kasuwa ya karɓo rago bashi, ya sayo shinkafa mafi tsada da ya gani, doguwa, mai sheƙi, wadda aka turara. Gwaggona da aka kira girki ta riga ta shirya tuwo za ta yi. Ta zuba shinkafar tun hantsi. Ta dahu, ta yi kyau, kowace ƙwaya na tsaye ita kaɗai. Gwaggo ta sa muciya tana tuƙi, gumi na zuba, shinkafa ta ƙi haɗuwa. Ta ƙara ruwa, abu ya zama kamar fate, ka ɗebo da mara ya baje a kwano. Ana cikin haka itace ya ƙare, domin Baffa ya tuna rago bai tuna itace ba. Ni aka aika gida gida ina aron garin masara, ƙanena na aron kara. Baƙin da suka iso kafin azahar ba su ci abinci ba sai bayan la'asar, tuwon masara da naman rago da bai gama dahuwa ba. Sun ci, sun yi godiya, ba su taɓa tayar da maganar ba. Amma da kaka ta yi mai rago ya zo ya auna geronsa a ƙofar rumbu, muna kallo.

Saboda haka idan ka isa layin masu shinkafa, kalmar farko da za ta fito bakinka ita ce ta tuwo kake so. Shinkafar tuwo ɗanya ce, ba a yi mata gumi ba. Za ka gan ta fara sol kamar alli, sau da yawa da kararrayayyun ƙwayoyi a ciki, kuma karayar ba aibu ba ce a nan, ta fi saurin narkewa. Wadda aka yi wa gumi launinta ya ja zuwa ruwan ƙasa ko ruwan zuma, tana ɗan sheƙi, ta dafa-duka ce da shinkafa da miya. Ka tura hannu har cikin buhun, kada ka tsaya a saman da aka gyara don ido. Ɗebo ka shinshina: idan ka ji warin rima ko na rumbu, wuce gaba. Ciji ƙwaya ɗaya, busasshiya ƙas take karyewa. Baza kaɗan a tafin hannu ka duba tsakuwa da ƙwari da gari-gari a ƙasa. Tsakuwa dai ba a rasa ta a shinkafar gida, amma wadda ta yi yawa za ta cinye wa mai girki awa guda a rairaya, kuma tsakuwa ɗaya a haƙorin suruki ta isa a tuna da kai. Kwano ɗaya, irin wanda 40 ke cika babban buhu, yana ƙosar da manya kamar 10 idan tuwo ne. Sayi kwano 3. In kuɗi ya bari ka ƙara rabi. Ka kuma kalli gindin kwanon awon, domin wanda aka bubbuga ya lotsa ciki yana cin gwangwani guda a kowane awo.

Nama shi ne inda kuɗinka zai fi tafiya, kusan rabinsu, kuma shi ne inda kwana biyun da ke tsakanin Lahadi da Talata za su iya cutar da kai. Ba ka da firji, to kada ka sayi yankakken nama a Gujungu komai arha. Abin da za ka sayo daga can mai rai ne: kajin gida guda 4. Kazar gida takan ba da yanka kamar 8. Uku sun ba kowane baƙo yanka biyu, ta huɗun kuma zan faɗa maka inda za ta. Nemi matashin zakara ko budurwar kaza. Tsohon zakara ya fi girma a ido, amma zai sha itacen da tuwo ke buƙata kuma ya fito kamar igiya. Ana gane shi da doguwar ƙaya mai tauri a bayan ƙafa da kaushin ƙafar. Ɗaga kazar ka ji nauyinta, sannan ka shafa ƙirjinta. Idan ƙashin tsakiya ya fito kamar bakin wuƙa babu tsoka hagu da dama, gashi ne kawai za ka saya. Lokacin sanyi kuma shi ne lokacin da ciwon kaji ke share gari, kuma mutum idan ya ga nasa sun fara sai ya kwashe sauran ya kai kasuwa. Ka sa a kwance ƙafarta a ajiye ta a ƙasa. Mai lafiya za ta zabura tana neman gudu. Wadda ta tsaya tana gyangyaɗi, fukafukai a sake, ko kana jin kurari a numfashinta, ko gashin gindinta ya ɓaci da farin zawo ko kore, ko kyauta aka ba ka kada ka ɗauka. Idan ka kawo su gida ka kife su a wuri dabam, nesa da naka, ka ba su ruwa da tsaki. Yanka sai safiyar Talata.

Miyar kuma tana son naman sa mai ƙashi, kamar kilo 2. Wannan wurin mahaucin garinku za ka je tun yau, ka ba shi wani abu a hannu, ka ce na safiyar Talata kake so, ya haɗa maka da ƙashi mai ɓargo da ɗan kitse. Taushe ba ta son zallar tsoka, romon ƙashi ne ke ɗaga ta. Idan a garinku ba a yanka ranar Talata, ka karɓa da yammacin Litinin a tafasa shi da gishiri da albasa a daren, a sake tafasawa da asuba.

Kabewa ita ce uwar miyar. Sayi guda sukutum wadda ba a yanka ba, babba ɗaya ko matsakaita biyu, domin yankakkiya ba za ta kai Talata ba sai ta yi yauƙi. Wadda ta ƙosa tana da nauyi fiye da yadda ido ya zata, bayanta da tauri, farce ba ya shiga da sauƙi, kututturen kanta a bushe. Idan mai ita ya yanka wata irinta, leƙa cikin: ja-ja mai kauri kake nema, fara-fara ruwa ce kawai. Sai gyaɗa rabin kwano, in ba ka da ita a rumbu, kuma a tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta motse, ɗaya tak tana sa miya ɗaci. Kayan miya ka rinjayar da tattasai a kan tumatir, shi ke ba da launi da zaƙi ba tare da tsami ba. Attaruhu daidai misali, dattawa ne za su ci, mai son yaji a ajiye masa dakakke a gefe. Tumatir ka zaɓi mai tauri wanda bai gama nuna ba, kuma da ka isa gida ka juye shi daga leda ka baza a inuwa a kan buhu, haka tattasan. Leda a ɗaure kwana biyu ruɓa ce. Albasa ka saya da yawa fiye da yadda kake zato, tana shiga miya, tana shiga tafashen kaji, tana shiga man shanu. Alayyahu da 'yar yakuwa kuwa kada ka ɗauko su ranar Lahadi. Ka samo su a lambu mafi kusa da yammacin Litinin ko da sassafe.

Daddawa ta kalwa za ka nema, ka faɗa da bakinka, domin akwai ta waken suya kuma ɗanɗanonsu ba ɗaya ba ne. Man gyaɗa kwalba 2, ɗaya ta suyar kaji ɗaya ta miya, ka ɗiga a bayan hannu ka shinshina, na gaske ƙamshin ƙuli-ƙuli yake. Citta, kanumfari, masoro, tafarnuwa, ƙulli-ƙulli sun isa. Gishiri da ɗunƙulen magi, ka leƙa madafi kafin ka fita, kada ka ɗauka akwai. Gidan da aka yi biki makon jiya komai ya ƙare, har abin da ba a zata ba.

Man shanu kwalba ƙarama kawai, kada ka tsallake shi don tsimi. A soya shi da albasa a zuba cokali a kan kowace miya lokacin da za a fita da ita. Wannan ƙamshin shi ne farkon abin da zai tarbi hanci idan an ɗaga murfi, kuma matan da ke cikin baƙin da shi za su fara auna gidan.

Fura kada ka ɗora wa mai girki daka. Kowane gari akwai matar da aka sani da fura. Kai mata gero kwano ɗaya daga rumbunka ranar Lahadi da yamma, da kuɗin kayan yaji da ladanta, ka ce ta safiyar Talata. Nono shi ma na ranar ne. Yi magana da Bafillatanar da ta saba shigowa unguwarku ta kawo maka kindirmo, wadda ta san gobe ma za ta gan ka ba za ta tsuga maka ruwa ta kaurara da garin kuka ba. Sukari a ajiye a gefe, kada a dama da shi, domin a cikin dattawa 12 da wuya a rasa mai ciwon suga ko wanda likita ya hana gishiri. Wannan amarya ce za ta iya sani. Idan 'yar fari ce kana jin nauyin kiranta, sa gwaggonta ta tambaye ta.

Goro ba sai ka sayi ƙwarya ba, guda 100 sun yi yawa. Rabi ya wadatar, fari da ja a gauraye. Ka sa mai goron ya ɓare maka ɗaya ko biyu da kai ka zaɓa, ka duba ciki, don sankara ba a cika ganinta daga waje sai ɗan ɗigon baƙi. Ka nannaɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma ko algararar da ya ba ka, iskar hunturu na busar da goro a yini ɗaya.

A kasuwar ka bi tsari, kada ka bi ido. Fara da shinkafa da mai da kayan ƙulli da safe, ka ajiye a rumfar wanda ka sani. Daga nan kaji, tun ba a zaɓe masu kyau ba. Tumatir da tattasai su ne na ƙarshe, don su hau saman kaya, kuma da yamma masu gwari sun fi sallamawa. Kowane abu ka taya wuri biyu ko uku kafin ka biya. Kada ka ce wa kowa surukai za ka tara, farashi na jin irin wannan magana. Kuma tun a gida ka ware dubu 10 ka bar su a ƙarƙashin filo. Su ne na itace, da ruwan da za a cika randuna da shi, da markaɗe, da nono, da abin da mai girki za ta tuna da asubar Talata, domin sai ta tuna wani abu. Itacen ya zama busasshe mai kauri, a jibge shi tun Litinin. Tuwon kwano 3 ba ya dahuwa da kara. Ka tambayi matar ƙanen naka ko tukunyar gidan za ta ɗauka, in ba haka ba ka aro ta biki da muciya babba da kwanuka masu murfi a maƙwabta.

Idan ka ga kuɗin ba za su kai ba, ka rage daga goro, sannan kaza ɗaya. Kada ka rage shinkafa. Baƙo ba ya ƙirga yankan nama a kwanon wani, amma kowa na ganin tuwo idan ya ƙare.

Game da abin da kake tsoro a faɗa: matan da za su zo sun san gidan babu mace tun kafin su nemi 'yarka, kuma ba abin gori ba ne. Abin da za su duba shi ne tsakar gida a share, randa a wanke, buta cike da ruwa a bayi, da macen da za ta tarbe su a ciki. Mai girki ba za ta iya barin murhu ta zauna da su ba, don haka ka roƙi wata dattijuwa a dangi ko maƙwabta ta zo don wannan kawai. Maza a zaure ko ƙarƙashin inuwa, mata a ɗaki. Ruwa da fura su fara fita da zarar an gama gaisawa, tuwo kuma bayan sallar azahar. Uban ango a yi masa kwanonsa dabam, uwar ango ma haka. Idan an ajiye abinci ka ce bismillah, ka nemi uzuri ka tashi ka ba su wuri. Surukai ba sa sakin jiki su ci a gaban juna, kana zaune za su taɓa kaɗan su rufe.

Tsaraba ba sai ka saya ba. Abin da gonarka ta ba ka, gyaɗa ko riɗi ko zoɓo, kwano bibbiyu a ƙulla wa uwar ango. Kaza ta huɗun kuma a soya ta a bar ta guda, a haɗa da malmala 4 da miya a kwano mai murfi, a ɗaure da ɗankwali, a ba uwar mijin a hannu a ce ta kai wa amarya. Kwanon ya zama cikin na mahaifiyarta, in akwai wanda ya rage, za ta gane shi tun kafin ta kwance ɗaurin.